Kashi biyar da aka cire amma bai iso ba: lamarin wani ɗan kwangilar lantarki a Jos

Kafin 2023: yadda harkar take

Mutumin da wannan lamari ya shafa ɗan kwangilar aikin lantarki ne a Jos. Yana yi wa gidaje da ofisoshi wayarin, yana kuma kawo janareto da na'urar sanyaya ɗaki ya kafa. A nan Alhaji kawai za mu kira shi. Shekaru da dama da rajistar sunan kasuwanci yake aiki, sai a 2021 ya koma hukumar CAC ya yi rajistar cikakken kamfani, wato limitet, saboda manyan ma'aikatu sun fi son hulɗa da kamfani.

Wannan sauyi ya taɓa harajinsa ta hanyar da bai lura ba. Mai sunan kasuwanci, a idon doka, shi da kasuwancinsa abu ɗaya ne, don haka harajinsa na hukumar tattara haraji ta jihar da yake zaune ne, a nan Filato. Kamfani kuwa doka tana ɗaukarsa mutum ne na daban, harajinsa na gwamnatin tarayya ne, wanda a lokacin hukumar FIRS ke karɓa. Sai ya zamana Alhaji yana da lambar shaidar mai biyan haraji, wato TIN, guda biyu: tsohuwa mai lamba goma da sunansa, da sabuwa ta kamfani mai lamba takwas da ke ƙarewa da -0001.

A 2021 da 2022 cinikin kamfanin bai kai naira miliyan 25 a shekara ba. Bisa dokar kuɗi ta 2019, kamfanin da bai wuce wannan iyaka ba harajinsa sifili ne, muddin ya shigar da bayanansa a kan lokaci. Yawancin aikin ma na gidajen mutane ne, su kuwa ba sa cire komai idan za su biya. Saboda haka babu wanda ya taɓa damuwa ya leƙa shafin kamfanin a TaxPro Max, manhajar da FIRS ta fara aiki da ita a Yunin 2021, don ganin abin da ke ciki.

2023: shekarar manyan ayyuka

A wannan shekara ciniki ya tashi zuwa naira miliyan 80, ban da VAT. Miliyan 12 daga ciki aikin gidaje ne da aka biya cif. Sauran miliyan 68 sun fito daga wurare uku, kuma kowannensu ya cire kashi 5 cikin ɗari kafin ya biya.

Na farko wata hukumar gwamnatin tarayya ce a Abuja, aikin miliyan 30, ta cire miliyan 1.5. Na biyu wani otal ne a cikin Jos, tsohon abokin hulɗa tun zamanin sunan kasuwanci, aka sabunta masa wayarin aka kafa janareto a kan miliyan 20, ya cire miliyan 1. Na uku wani babban ɗan kwangila ne da ya ba Alhaji aikin kawo na'urorin sanyaya ɗaki da kafa su a wani ginin ofis a Abuja, miliyan 18 cikin inbois uku na miliyan shida-shida, ya cire naira 900,000. Jimillar abin da aka cire ta kama naira miliyan 3.4.

Wannan cirewa ita ce ake rubuta wa WHT a kan baucar biya. Ba haraji ne na daban ba. Wani ɓangare ne na harajin shekara da ake karɓa tun kafin shekarar ta ƙare. Doka ta ɗora wa mai biyan kuɗi nauyin ya cire, ya tura wa hukumar haraji da sunan wanda aka cire wa, kafin ranar 21 ga watan da ke biye ta wuce idan na FIRS ne. Idan ƙarshen shekara ya zo aka lissafa ainihin harajin kamfani, sai a ɗebe abin da aka riga aka tura, a biya ragowar in akwai.

Yana da kyau a duba inbois ɗaya na hukumar Abuja da kyau, domin ruɗanin daga nan ya faro. Kuɗin aiki naira miliyan 10, aka ɗora VAT na kashi 7.5, wato 750,000, inbois ya zama 10,750,000. Da alat ya shigo wayar Alhaji sai ya ga 9,400,000. A baucar an jera abubuwa uku da aka cire. Akwai WHT 500,000, wanda aka lissafa a kan miliyan 10 ɗin, ba a kan jimillar da ta haɗa da VAT ba, kuma haka ne daidai. Akwai VAT ɗin kansa 750,000, domin ma'aikatun gwamnati su ke riƙe shi su tura da kansu. Sai harajin sitam na kashi 1, naira 100,000. A wurin Alhaji duk wannan miliyan 1.35 haraji ne da ya biya, kuma yana sa ran za a lissafa masa shi. Amma a cikin ukun, 500,000 ce kaɗai ke rage harajin kamfani. VAT dama kuɗin mai saye ne da ya ratsa ta inbois ɗinsa, sitam kuma kuɗi ne da ya tafi ke nan.

Yaron da ke riƙe masa littafi, ɗan ƙanwarsa ne mai difloma, abin da ya gani a takardar banki shi yake rubutawa a matsayin ciniki. Wato ya rubuta 9,400,000 sau uku, miliyan 28.2, a maimakon miliyan 30. Haka ya yi wa otal da babban ɗan kwangilar. Babu shafi ko ɗaya a littafin da ke nuna abin da aka cire da wanda ya cire.

Afrilu 2024: lissafin farko

Shekarar kuɗin kamfanin tana ƙarewa 31 ga Disamba, doka kuma ta ba da wata shida a shigar da bayanan haraji a biya, wato zuwa 30 ga Yuni 2024. A Afrilu aka kawo mini takardun cikin jakar leda biyu don in yi wa kamfanin lissafin haraji.

Aikin farko shi ne mayar da ciniki yadda yake a inbois. Wannan ba ado ba ne. Jami'in haraji yana ganin kiredit, wato WHT da aka tura da sunan kamfani, na miliyan 1.5 a shafin kamfani, ya san kashi 5 ne, nan take zai gane cewa aikin miliyan 30 ne. Idan littafinka ya ce 28.2, ka buɗe wa kanka ƙofar tambayoyi, kuma daga nan sauran alƙaluman ma ba za a yarda da su cikin sauƙi ba. Muka bi inbois ɗaya bayan ɗaya, aka rubuta cikakken kuɗin aiki a matsayin ciniki, abin da aka cire na WHT kuma aka buɗe masa shafinsa a matsayin kuɗin da kamfani ke bi.

Bayan an ɗebe kuɗin kaya da albashi da haya da mai da sauran abin da doka ta yarda a ɗebe, ribar ta tsaya a miliyan 12. Aka rage miliyan 2 na rangwamen da ake bayarwa a kan motar aiki da injuna, saura miliyan 10. Kamfanin da cinikinsa ya wuce miliyan 25 amma bai kai miliyan 100 ba, a lokacin kashi 20 yake biya. Harajin kamfani ya kama naira miliyan 2. Akwai kuma harajin ilimi, wanda dokar kuɗi ta 2023 ta ɗaga zuwa kashi 3, kuma shi a kan miliyan 12 ɗin ake lissafa shi, kafin rangwame. Ya kama 360,000.

Alhaji ya yi nasa lissafin a bayan ambulan. An cire masa miliyan 3.4, ana binsa miliyan 2, ashe gwamnati ce ma za ta ba shi canji. Sai muka buɗe TaxPro Max a gabansa. Kiredit ɗin da ke ƙarƙashin TIN na kamfanin miliyan 1.5 ne, layi uku, duk daga hukumar Abuja. Na otal babu, na babban ɗan kwangila babu.

Ya daɗe yana kallon allon kwamfutar, sannan ya ce, "Malam, to ina sauran? Ai da idona na ga an cire."

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, an cire kam. Amma tamkar zubin adashi ne da ka ba ɗan aike. Ya fita daga hannunka, sai dai ranar kwasa abin da uwar adashi ta rubuta a littafinta da sunanka shi za a duba."

Yadda lissafin ya tsaya a ranar ke nan: miliyan 2 a ɗebe miliyan 1.5, saura 500,000. Harajin ilimi kuma ba a biyansa da kiredit na WHT, sai da kuɗi a hannu. Mutumin da ya shigo yana jiran canjin miliyan 1.4 ya fita da sanin cewa zai nemo 860,000 kafin ƙarshen Yuni.

Mayu 2024: abin da aka fara gwadawa

Alhaji ya fara da abin da kowa zai fara da shi. Ya tattara baucocin biya na otal da na babban ɗan kwangila, ya haɗa da takardar banki, ya kai ofishin haraji da ke kula da fayil ɗinsa. Jami'ar da ta karɓe shi ta duba, ta yi masa bayani cikin mutunci cewa bauca tana nuna an cire, amma ba ta nuna an tura ba. A tsarin da ake bi a lokacin, kiredit yana bayyana ne idan mai cirewa ya biya kuɗin, ya kuma shigar da jadawalin da ke ɗauke da sunan kowane ɗan kwangila da TIN ɗinsa da adadinsa. Ba ta da hanyar rubuta masa kiredit da hannu. Ta ba shi shawara ya koma wa waɗanda suka cire.

Babban ɗan kwangilar aka fara kira a waya. Amsarsa mai daɗi ce: "Haba Alhaji, wannan ai ƙaramin abu ne, zan sa akanta ya duba." Watan ya ƙare ba a ji komai ba. Daga baya akantan nasa ya faɗa a fili cewa ba a tura ko sisi ba, kuɗin sun shige cikin aikin ginin, ana jiran biyan kashi na gaba.

Na otal ya fi ɗaure kai, domin akantansu ya rantse sun biya, har ya turo hoton rasit. Rasit ɗin na gaske ne. Sai dai tambarin da ke samansa na hukumar harajin jiha ne, sunan da ke kai na Alhaji ne shi kansa, lambar kuma tsohuwar nan ce mai lamba goma. A fayil ɗin masu kawo musu kaya ba a taɓa canza bayanansa ba tun kafin 2021. An canza lambar asusun banki kaɗai, saboda ita ce ake buƙata ranar biya. Inbois ɗin kamfanin kuma, da muka duba, yana da suna da adireshi da lambar waya da lambar asusu, amma babu TIN a jikinsa ko'ina.

A nan Alhaji ya kawo wata dabara. Tunda kuɗin suna jiha da sunansa, me zai hana ya yi amfani da su wajen biyan harajin kansa na darakta? An tattauna, aka ajiye maganar. Rasit ɗin yana cewa shi a karan kansa ya yi aikin miliyan 20, alhali miliyan 20 ɗin nan tana cikin cinikin kamfani da za a kai wa FIRS. Idan ya karɓi kiredit ɗin a jiha, ya amsa ke nan cewa kuɗin shigarsa ne, sai ciniki ɗaya ya zama abin tambaya a hukumomi biyu. Neman jiha ta miƙa wa tarayya kuɗin kai tsaye shi ma bai kai ko'ina ba, domin asusun biyu daban ne, kuma wanda ya biya shi ke da bakin magana a kan kuɗin, ba wanda aka cire wa ba.

Yuni 2024: a jira ko a biya

Ra'ayin Alhaji shi ne a jinkirta shigar da bayanai har kiredit ɗin su fito. Yana ganin biyan 500,000 a kan harajin da aka riga aka cire masa biya biyu ne. Sai aka zauna aka auna abin da jiran zai ci. Tarar makara wajen shigar da bayanai a lokacin naira 25,000 ce a watan farko, da 5,000 kowane wata bayansa. Wannan ba ta da yawa. Amma harajin da ba a biya a kan lokaci ba ana ɗora masa kashi 10, ga kuɗin ruwa a kai. Abin da ya fi nauyi shi ne takardar shaidar biyan haraji. Akwai wata kwangila da za a rufe karɓar takardunta a Agusta, kuma babu ma'aikatar gwamnati da za ta duba fayil ɗin da babu wannan takarda a ciki.

A mako na uku na Yuni aka shigar da bayanan. A manhajar aka zaɓi layukan kiredit uku na hukumar Abuja aka ɗora su a kan harajin kamfani, aka fitar da lambar biya ta 500,000 da ta 360,000, aka biya ta banki. Miliyan 1.9 da ba ta iso ba aka bar ta a littafi a matsayin bashin da ake bi, da sunan kowane mai cirewa. Takardar shaidar ta fito a Yuli.

Yuli zuwa Satumba 2024: otal ya gyara

Daga nan aka daina waya aka koma takarda. Wasiƙar da aka kai wa manajan otal shafi ɗaya ce, a kan takardar kamfani. An jera lambar kowane inbois da kwanan wata da kuɗin aiki da abin da aka cire, an haɗa kwafin takardar rajistar CAC ta 2021 da takardar TIN, aka sa sakatare ya buga tambarin karɓa a kan kwafinmu.

Akantan otal bai ji daɗi ba da farko. Cewa ya yi, "Mu fa mun biya gwamnati, ko ta jiha ko ta tarayya ai duk gwamnati ce." Aka nuna masa cewa doka ta ce a tura wa hukumar da ke da hurumin harajin wanda aka cire wa. Wanda ya kai kuɗin kamfani jiha, a wurin FIRS bai tura ba, kuma ranar da masu bincikensu suka zo duba littafin otal, za su nemi miliyan 1 ɗin da tarar kashi 10 da kuɗin ruwa daga otal ɗin, ba daga Alhaji ba. Oditan otal na waje ya tabbatar musu da haka. A Satumba suka sake biya, wannan karon ga FIRS, da TIN na kamfani a jadawalin, su kuma suka shiga neman kuɗinsu a jiha. Kafin watan ya ƙare layin miliyan 1 ya bayyana a shafin kamfanin.

Bayyanarsa ba ta dawo da 500,000 da aka biya a Yuni ba. Harajin 2023 an riga an rufe shi. Kiredit ɗin ya zauna yana jiran harajin shekara mai zuwa, domin abin da ba a yi amfani da shi ba ana wucewa da shi gaba.

A wannan tsakanin aka sake buga littafin inbois. TIN na kamfani ya hau can sama kusa da suna, aka raba layin kuɗin aiki da layin VAT, aka ƙara jimla ɗaya a ƙasa cewa duk wanda ya cire WHT ya tura wa FIRS da wannan lamba. Yaron littafi kuma aka ba shi aikin duba TaxPro Max a makon ƙarshe na kowane wata, bayan 21 ta wuce, ya gwada da shafin abin da aka cire.

Oktoba 2024 zuwa Janairu 2025: babban ɗan kwangila

Wasiƙa irin ta otal ba ta motsa shi ba. Akwai hanyar kai ƙorafi a rubuce ga hukumar haraji, amma Alhaji ya ƙi. Mutumin shi ya fara buɗe masa ƙofar Abuja, kuma a harkar kwangila wanda aka sani da kai ƙarar ubangida ofishin haraji ba kasafai ake sake kiransa ba. Ko an yarda da wannan dalili ko ba a yarda ba, haka mafi yawan ƙananan 'yan kwangila ke tunani.

Dama ta zo a Disamba, lokacin da mutumin ya buƙaci a kafa na'urori a hawa na biyu na ginin kafin ranar miƙa shi ga masu shi. Alhaji ya amsa, amma ya sa sharaɗi a rubuce cikin takardar yarjejeniya cewa yaransa ba za su tashi daga Jos ba sai an tura WHT na 2023. A Janairu 2025 layi biyu suka bayyana, naira 600,000. Na inbois na uku, 300,000, akantansu ya ce ba su same shi a littafinsu ba, ko da yake baucar da suka buga wa tambari tana hannunmu.

A ranar 1 ga wannan wata na Janairu ne sabuwar ƙa'idar cire haraji ta 2024 ta fara aiki. Ta rage kason kawo kaya zuwa kashi 2, gina hanya da gada da gini kashi 2, aikin shawara da na ƙwararru kashi 5, ta kuma ninka kason a kan wanda bai ba da TIN ba. Abin da ya fi shafar lamarinmu shi ne ta wajabta wa mai cirewa ya ba da rasit, ta kuma ce wanda aka cire wa zai iya kai wannan rasit a ba shi kiredit ko da ba a tura kuɗin ba, hukuma ta bi mai cirewa da kanta. Amma 300,000 ɗin nan an cire ta tun 2023, kafin ƙa'idar, kuma bauca ce kawai a hannu.

Yuni 2025: inda aka tsaya

Cinikin 2024 ya kai miliyan 95, harajin kamfani ya kama miliyan 2.6. Abin da aka cire a shekarar miliyan 2.3 ne, kuma duka ya bayyana, domin sau biyu da aka ga gibi a ƙarshen wata an bi shi tun mai cirewa bai rufe littafinsa ba. Da aka haɗa da miliyan 1 na otal da 600,000 na babban ɗan kwangila, kiredit ya zama miliyan 3.9. Aka ɗebe miliyan 2.6, aka biya harajin kamfani ba tare da an fitar da ko kwabo ba, saura miliyan 1.3 a shafin. Harajin ilimi, kamar bara, da kuɗi aka biya shi.

Alƙaluman nan duk na dokokin da suka yi aiki daga 2023 zuwa 2025 ne. Dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 sun fara aiki a Janairun 2026, FIRS ta koma NRS, harajin ilimi kuma ya shige cikin wani sabon harajin raya ƙasa. Mai lissafin shekarar da ta biyo baya sai ya duba sabbin kaso.

Abin da lamarin ya nuna

A ganina biyan 500,000 a Yunin 2024 shi ne matakin da ya fi kowane daidai, duk da cewa shi ya fi yi wa Alhaji ciwo. Kuɗin ba su ɓata ba, sun dawo ta hanyar kiredit ɗin da ya rage harajin shekara ta gaba. Da an jira, kiredit na otal sai Satumba, kwangilar Agusta ta riga ta wuce.

Baucoci sun gaza ne saboda an kai su wurin da ba shi da ikon gyara. Wayar tarho ta gaza saboda babu abin da mai cirewa zai rasa idan ya yi shiru. Otal ya motsa da ya ga tarar a kansa za ta faɗa, babban ɗan kwangila kuma sai da ya zama shi ke neman Alhaji. Laifin otal ma rabi ne, domin kamfanin da ya canza matsayinsa a 2021 bai rubuta wa tsofaffin abokan hulɗarsa ba, bai kuma sa TIN a inbois ba.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba ne, wanda ya sa miliyan 1.3 ta yi saura. WHT a kan cikakken kuɗin aiki ake cire shi, harajin kamfani kuwa a kan riba. Kashi 5 na ciniki ba zai yi daidai da kashi 20 na riba ba sai ribar ta kai rubu'in cinikin. Ribar Alhaji a 2023 miliyan 10 ce cikin 80, wato kashi 12.5, don haka ainihin harajinsa kashi 2.5 ne na ciniki, rabin abin da ake cire masa. Duk ɗan kwangilar da yawancin kuɗinsa ke tafiya wajen sayen kaya haka kiredit zai riƙa taruwar masa ko da kowa ya tura a kan lokaci, kuma kuɗin jari ne da ya kamata suna sayen waya da soket. Da kashi 2 kuwa, ribar kashi 10 ta isa ta cinye abin da aka cire, shi ya sa saukar kason ya fi amfanar irinsa.

Doka ta ba da damar neman a mayar da rarar kiredit da kuɗi, amma sai hukuma ta binciki littattafan kamfani kafin ta amince, kuma abu ne mai ɗaukar lokaci. Ga kamfanin da littafinsa na 2023 sai da aka sake gina shi daga jakar leda, shawarar da na bayar ita ce a bar miliyan 1.3 ta wuce gaba, tunda yanzu abin da ake cirewa a kan kayan da yake kawowa ya ragu, harajin shekara ɗaya ko biyu zai shanye ta. Ita kuwa 300,000 tana nan a littafi da sunan babban ɗan kwangilar. Odita ya ce idan shekara ta sake zagayowa ba a tura ba, sai dai Alhaji ya zaɓa tsakanin kai ƙorafin a rubuce da share ta daga cikin kuɗin da kamfani ke bi.